Esi yana ɗigar da ruwa a cikin ɗaki: toshewar tiyo ce ko ƙarancin gas?

Baban_Ikram

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawara a kan esin ɗakin kwanana a nan Kano. Irin mai kashi biyu ne, kai a cikin ɗaki injin a waje, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, kuma shekararsa biyu da sakawa. Duk bazarar da ta wuce ya yi aiki dare da rana ba tare da matsala ba, amma tun da ruwa ya zauna a watan Yuli sai ya fara ɗiga a cikin ɗaki. Idan na kunna shi yakan yi kamar minti arba'in lafiya ƙalau, daga nan sai ruwa ya fara tsiyaya ta ƙasan kan, a gefen dama, yana bin bango har ya kai kafet. Fentin wurin ya riga ya kumbura. Sanyinsa bai ragu ba ko kaɗan. Na kira wani mai gyara ta waya, tun bai zo ba ya ce gas ne ya yi ƙasa, a shirya kuɗin ƙari. Zuciyata ba ta kwanta da wannan magana ba, shi ya sa na ce bari in tambayi waɗanda suka sani kafin in fitar da kuɗi.

Dan_Zazzau84

Wa alaikumus salam. Malam, mai gyaran bai yi maka ƙarya ba. Nawa ma haka ya yi shekaru uku da suka wuce, da aka buɗe murfin sai ga ƙanƙara ta lulluɓe ƙarafan ciki kamar firiza, kuma da aka ƙara gas ruwan ya tsaya. Idan gas ya yi ƙasa ƙanƙara ce take taruwa, idan ta narke sai ta zubo. Ka bari ya zo ya ƙara maka, ka huta.

Usta_MaiSanyi

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wannan sana'ata ce, kuma ina roƙon Baban_Ikram kada ya bari a taɓa gas ɗin nan tukuna. Abin da Dan_Zazzau84 ya faɗa yana faruwa, amma ba shi ne labarin da aka ba mu ba.

Esi yana samar da ruwa ko da lafiyarsa ƙalau. Iskar ɗaki tana ɗauke da danshi, idan ta ratsa ƙarafan nan masu sanyi sai danshin ya zama raɓa, kamar yadda kwalbar lemo mai sanyi take gumi a kan tebur. Raɓar tana gangarowa cikin wani siririn tire da ke ƙarƙashin ƙarafan, daga tiren kuma tiyo yake ɗauke ta ya ratsa bango ya zubar a waje. Babu famfo a wannan hanya, gangara ce kawai take tafiyar da ruwan. Irin naka, a damina, yana iya fitar da lita ɗaya ko fiye a cikin awa guda, alhali tiren ba ya ɗaukar abin kirki. Saboda haka idan tiyon ya toshe, tiren zai cika a hankali sannan ya tumbatsa, kuma wannan shi ne minti arba'in ɗin da ka ambata.

Dalilin da ya sa ba ka ga komai a bazara ba shi ne iskar Kano a watan Maris da Afrilu busasshiya ce, ruwan da esin yake tarawa kaɗan ne. Ƙurar hunturu ta riga ta kwanta a tiren tun watan Disamba da Janairu, tana jiran ruwa. Da damina ta zo sai ta jiƙe ta zama taɓo, ta haɗu da yauƙin da yake tsirowa a wurin da ba ya bushewa, su taru a bakin tiyon.

Ga gwajin da zai raba gardama, kuma ba ya cin ko kobo. Ka kashe esin daga soket ko bireka, ba da rimot kaɗai ba. Ka ɗaga murfin gaba, ka zare rariyoyin nan biyu. Ka ɗauko buta ka riƙa zuba ruwa a hankali a kan ƙarafan, daga tsakiya zuwa hagu, domin a yawancinsu akwatin wayoyin lantarki yana gefen dama kuma ba a son ruwa ya kusance shi. Ka sa wani ya tsaya a waje wurin bakin tiyon. Idan ka zuba rabin buta ruwan ya fita waje a guje, tiyon lafiyarsa lau, sai mu nemi wani dalili. Idan kuwa ya dawo maka cikin ɗaki, to ka kama ɓarawon.

Hajiya_Binta_Gombe

Ɗana, ka tabbata ruwan daga esin yake fitowa? Mu a gidanmu wata damina mun yi ta ganin ruwa yana bin bango daidai wurin esi, muka kira mai gyara har sau biyu, ashe kwanon rufi ne ya yi yoyo, ruwan yana taruwa a silin yana gangarowa ta bayan na'urar. Tunda ka ce da damina abin ya fara, ka sa a hau sama a duba.

Baban_Ikram

Na gode, Hajiya. Na yi wannan tunanin, amma ruwan yana zuwa ko ranar da ba a yi ruwan sama ba, kuma da na kashe esin yake tsayawa bayan 'yan mintuna. Silin ɗin ma a bushe yake. Usta, zan yi gwajin butar da yamma idan na dawo daga aiki, in sha Allahu.

Dan_Zazzau84

Usta, ban ƙi maganarka ba, amma ina son in fahimta. Ta yaya mutum zai bambanta irin nawa da irin nasa alhali duka ruwa ne a ƙasa? Ni dai da idona na ga ƙanƙarar.

Usta_MaiSanyi

Tambaya ce mai kyau, Malam. Lokacin ɗigar shi ne babbar alama. Ruwan toshewa yana zuwa ne esin yana cikin aiki, ɗigo bayan ɗigo ba yankewa, daga wuri guda, kuma ɗakin yana sanyi yadda aka saba. Ruwan ƙanƙara kuwa ya fi zuwa lokacin da injin waje ya tsaya, ko aka ɗauke wuta, domin a lokacin ne ƙanƙarar take narkewa gaba ɗaya ta fi ƙarfin tiren. Kafin nan za ka ji iskar da take fitowa ta ragu, ɗakin ba ya sanyi sosai, wani lokaci har na'urar ta riƙa tofo gutsattsarin ƙanƙara. Baban_Ikram ya ce sanyi bai ragu ba, ya kuma ce ruwan yana tsayawa idan ya kashe, kun ga akasin ƙanƙara ke nan.

Sannan ko an ga ƙanƙarar, ba a fara zargin gas. Rariya idan ta cushe da ƙura iska ba ta ratsawa, ƙarafan sai su yi sanyi fiye da kima har raɓar ta daskare, alhali gas ɗin yana nan cif. Sau da yawa na je gida an ce mini gas, na wanke rariya da fankar ciki kawai, matsala ta ƙare. Wanda ya ga ƙanƙara ya sa rimot a kan `FAN` har ta narke, ya wanke rariyar ya shanya ta a inuwa, ya mayar ya sake gwadawa. Idan ƙanƙarar ta dawo, kuma aka ga fari-fari a kan siririn bututun jan ƙarfe wurin injin waje, to a nan ne za a kawo ma'auni a duba gas.

Akwai abu ɗaya da nake so kowa ya riƙe. Gas ɗin esi ba mai ba ne da injin yake sha, zagayawa yake yi a rufaffiyar hanya. Idan ya ragu, to akwai inda yake tsiyaya, galibi wurin notocin da suka haɗa bututun. Wanda ya ƙara maka gas bai nemo wurin ya gyara ba, zai dawo ya sake karɓar kuɗinka.

Dan_Zazzau84

To, wannan ya zauna. Gaskiya bayan wata bakwai sai da aka sake ƙara mini, a karo na biyun ne wani ya shafa ruwan sabulu a wurin notin ya nuna mini kumfa tana tashi. Amma har yanzu ina ganin ba laifi mai gyaran ya zo da ma'auninsa ya duba, ko don a samu kwanciyar hankali.

Maman_Sadiq

Baban_Ikram, ka bi shawarar Usta. Ni na biya kuɗin gas a kan irin wannan matsala, aka tafi, daren nan ruwa ya jiƙa mini littattafan yara da ke kan kanta. Washegari ƙanin maigidana ya zagaya bayan ɗaki ya tarar bakin tiyon ya nutse a cikin ƙasa, domin da aka zuba yashi a tsakar gida an binne shi ba a lura ba. Ya tone shi, ya yanke kamar taƙi ɗaya daga ƙarshen, sai ga ruwa ya ɓalle kamar an buɗe famfo, baƙi ƙirin da wari. Tun daga ranar nake leƙa wurin duk mako idan esin yana aiki. Idan na ga yana ɗiga a waje hankalina ya kwanta, idan na ga wurin a bushe a tsakiyar damina na san akwai magana.

Baban_Ikram

Jama'a, ga yadda aka yi. Na kashe bireka, na zare rariyoyin, kuma ba su yi datti sosai ba domin nakan wanke su. Na haska tocila na ga ruwa kwance a tiren, da wani abu mai santsi launin toka a kusurwar dama. Ban zuba ko kofi biyu ba ruwa ya fara zubowa a kan hannuna, yaron da na tsayar a waje kuma ya ce ko ɗigo bai gani ba. Na zagaya da kaina. Tiyon yana sauka ne a jikin bango ya tsaya kamar kamu biyu daga ƙasa, da na leƙa bakinsa sai na ga an liƙe shi da jar laka, ashe zanzaro ne ya yi gini a ciki. Na sa tsinke na farfasa lakar, ruwa ya fito, amma ba da ƙarfi ba, yana zuwa yana tsayawa. Na koma na sake zuba buta, kusan rabi ya fita waje, sauran ya sake tumbatsa. Da alama akwai saura a ciki. Me zan yi yanzu?

Dalibi_Sakkwato

Yaya, abu ne mai sauƙi. A ɗakinmu na makaranta baki muke sawa a ƙarshen tiyon mu hura da ƙarfi, nan take yake buɗewa. Idan ya ƙi, sai mu zura wayar shanya mu sossoka.

Usta_MaiSanyi

Ƙanena, duka biyun ina roƙon a bar su. Idan ka hura daga waje, dattin da ke cikin tiyon komawa yake yi cikin tiren, wani ya fantsama a kan fanka da bango, sannan da ruwa ya taru zai sake kwaso shi ya toshe wurin da ya fito. Shi ya sa kuke yawan maimaitawa. Masu zuƙa da baki kuma, wannan ruwan ya yi makonni yana ruɓa, ba abin da za a kai baki ba ne. Waya kuwa ita ce mafi haɗari, domin tiyon roba ce mai ƙwarya-ƙwarya, siririya, faɗin cikinta kamar milimita 16, kuma tana da lanƙwasa daidai inda ta shiga bango. Idan wayar ta huda ta a nan, ruwa zai riƙa shiga cikin ginin ba tare da ka gani ba, sai ranar da filasta ta fara zubowa.

Baban_Ikram, dattin fitar da shi waje ake yi, hanyar da ruwa yake bi. Idan za ka iya samun aron injin zuƙe ƙura irin wanda yake shan ruwa, kamar na masu wankin mota, shi ne mafi sauƙi. Ka haɗa bakinsa da ƙarshen tiyon a waje, ka naɗe mahaɗar da tsumma ka matse da hannu don kada iska ta shiga ta gefe, ka kunna na minti ɗaya ko biyu. Kada a yi amfani da na share kafet na gida wanda ba a yi shi don ruwa ba, zai lalace kuma akwai haɗarin lantarki. Bayan zuƙar farko ka zuba ruwa mai ɗumi a tiren, ba tafasasshe ba, ka sake zuƙa, har sai ruwan da ke fitowa ya yi fari.

Idan babu injin, hanya ta biyu ita ce ta ciki. Ana ɗaga ƙasan kan esin kaɗan daga ƙarfen da aka rataye shi, a tokare da wani abu, a zare tiyon daga bakin tiren, sannan a tura ruwa ta nan zuwa waje da babban sirinji ko gorar roba da aka huda murfinta. Amma wannan ban cika son wanda bai saba ba ya yi, saboda bututun jan ƙarfe suna nan a bayan, idan aka ɗaga da ƙarfi suna iya lanƙwashewa, kuma ƙaramin aiki ya zama babba.

AbuMaradi

Salamu alaikum. Ina bin zancen nan daga Maraɗi. Ni ruwan esina ba na barinsa ya zube, jarka nake sawa ina tara shi don ban ruwan shuke-shuke da wanke tsakar gida. To na lura da wani abu da ban gane ba. Duk ranar da jarkar ta kusa cika, esin yana fara ɗiga a ɗaki, alhali jarkar tana ƙasa can, kan esin yana sama da fiye da mita biyu. Ruwa dai ba ya hawa sama, to me ke faruwa?

Magini_Funtua

Malam AbuMaradi, ni ba mai gyaran esi ba ne, amma na yi shekaru ina aikin bututun ruwa a gine-gine, kuma wannan na san shi. Ba ruwan jarkar ne yake hawa ba. Idan bakin tiyon ya nutse, iskar da ke cikinsa ba ta da mafita, sai ta tsaya a tsakani ta hana ruwan sama saukowa yadda ya kamata, shi kuma ba shi da wani ƙarfi a bayansa sai nauyinsa. Ka gajarta tiyon ya tsaya a bakin jarkar, ruwan ya riƙa faɗawa daga sama, matsalar za ta tafi.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake so in faɗa wa Baban_Ikram. Ko ka zuƙe datti tas, ka bi tiyon da ido daga inda ya fito daga bango har ƙarshensa. Bai kamata ya hau sama ba ko da yatsa ɗaya, kuma bai kamata ya yi ciki ba. Inda aka shimfiɗa shi a kwance, ƙa'ida ita ce ya sauka aƙalla santimita 1 a kowace mita. Ramin bangon ma ana huda shi ne da ɗan gangare zuwa waje, kuma idan aka ɗaure tiyon da bututun jan ƙarfe, shi ne yake kasancewa a ƙasa. Na sha ganin masu sakawa cikin gaggawa sun huda ramin a miƙe, ko ma bakin waje ya fi na ciki tudu, sun ɗora tiyon a saman ɗaurin. Irin wannan yana aiki a shekarar farko da ƙyar, da ɗan datti ya taru shi ke nan. Ka kuma ɗora lebur na magina a saman kan esin. Idan ya karkata zuwa gefen da babu tiyo, ruwa zai taru can ya zubo.

Maman_Sadiq

Ina da tambaya a kan wankin. Wata maƙwabciyata ta ce ita bilic take zubawa a tiren duk wata don kashe yauƙin, kuma ba ta taɓa samun toshewa ba. Ni kuma tsoro nake ji saboda warin zai dawo cikin ɗakin da yara suke kwana.

Usta_MaiSanyi

Maman_Sadiq, tsoronki yana kan hanya. Bilic yana kashe yauƙi, wannan gaskiya ne, amma yana cin alminiyon ƙarafan idan ya taɓa su, kuma a irin wannan esin da wuya ka kai ga tiren ba tare da ka fantsama musu ba. Ni ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke kwanuka nake amfani da shi, sannan in ɗauraye. Wasu abokan sana'ata suna zuba ruwan kal da aka sirka, suna cewa yana hana yauƙin dawowa da wuri. Ban hana ba, amma a ɗauraye bayansa, kuma kada a taɓa haɗa shi da bilic, domin haɗin yana fitar da iska mai guba.

Magini_Funtua

Usta, a nan na ɗan saɓa maka. Inda aka haɗa tiyon da doguwar hanyar bututun roba mai kauri, ni ina ganin ɗan bilic da aka sirka, idan ta mahaɗar waje aka zuba shi ba ta tiren ba, ba zai kai ga ƙarafan ba, kuma sabulu kaɗai ba ya cire abin da ya shekara a ciki.

Usta_MaiSanyi

Idan ta waje ne, kuma hanyar tana gangarawa nesa da na'urar, ba ni da ja sosai, Malam. Damuwata ita ce mai gida zai ji an ce bilic, ya ɗauki kwalba ya tuttula daga gaba. Shi ya sa ba na ba da wannan shawarar ga kowa.

Ummu_Khalil_Abuja

Ku gafarce ni, na shigo da tawa matsalar tunda ana kan zancen. Gidan haya nake a bene hawa na biyu, kuma bututun duka a cikin bango aka binne su, ban ma san inda ruwan yake fita ba. Na yi gwajin butar da Usta ya faɗa, ruwan ya wuce bai dawo ba. Amma duk da haka bangon da ke ƙarƙashin esin yana jiƙa, ba ɗiga yake yi daga gaba ba, kamar daga bayan na'urar ruwan yake silalowa. Mai gidan ya ce ba ruwansa da esi.

Usta_MaiSanyi

Hajiya, naki ya bambanta, kuma ba zan iya yanke hukunci daga nesa ba. Abu uku nake zargi. Na farko, soson da aka naɗe bututun jan ƙarfe da shi yana iya yagewa ko ya gaza kaiwa mahaɗa, sai bututun mai sanyi ya riƙa gumi a bayan na'urar, kuma wannan ruwan ba ya bi ta tire balle gwajin buta ya nuna shi. Na biyu, yawancin kawunan esi suna da wata 'yar hanyar ruwa a baya wadda take tattaro raɓar ƙarafan baya ta kawo gaba, ita ma tana toshewa, kuma ruwan da kika zuba daga gaba bai bi ta can ba. Na uku, tiren yakan zo da baki biyu, hagu da dama, a toshe wanda ba a amfani da shi da toshiyar roba, idan ta saki sai ya riƙa tsiyaya. Dukansu sai an ɗaga na'urar an leƙa da tocila esin yana aiki. Idan aka duba ukun nan babu, to sai a fara tunanin mahaɗar da ke cikin bango, wanda shi kam aikin mai gida ne.

Ummu_Khalil_Abuja

Na gode, Usta. Zan nemi mai gyara in tsaya a kansa ya duba waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Abin da nake tsoro shi ne a ce sai an fasa bango, domin ban san wanda zai ɗauki nauyin ba.

Baban_Ikram

Alhamdu lillahi, ga ƙarin bayani. Na samu aron injin daga wani mai wankin mota a unguwarmu, ya zo da shi da kansa. A zuƙar farko wani dunƙulen yauƙi ya fito, tsawonsa ya kai yatsa, haɗe da ragowar lakar zanzaron. Muka zuba ruwan ɗumi buta biyu muna zuƙa, na uku ya fita fari tas kuma a guje. Na bi shawarar Magini_Funtua na duba hanyar, sai na tarar ƙusar da ta riƙe tiyon a waje ta fita, ya yi ciki kamar rabin taƙi dab da ramin bango, kuma da na ɗaga wurin sai da ruwa ya zubo daga ciki. Na ɗaure shi ya miƙe. Lebur ya nuna kan esin daidai yake. Jiya ya yi awa shida yana aiki, bango a bushe, a waje kuma har ruwan ya yi 'yar hanya a ƙasa. Ban ƙara gas ba.

Saura abu ɗaya. Ina tunanin ɗaure bakin tiyon da yankin gidan sauro don kada zanzaron ya dawo. Ko akwai illa?

Dalibi_Sakkwato

Yaya, mu mun taɓa sa irin wannan ragar, bayan wata biyu ita kanta ta cushe da yauƙi, ruwan ya dawo ɗaki. Sai dai ko mu ne ba mu kula da ita ba.

Usta_MaiSanyi

Ƙanena ya faɗi gaskiya, ragar gidan sauro idanunta sun yi ƙanana, dattin da ya kamata ya fice sai ta tare shi. Zanzaro ya fi samun damar gini lokacin da tiyon yake a bushe, wato watannin da ba a kunna esin ko ba ya fitar da ruwa. Abin da nake gaya wa mutanena shi ne su ɗaura ragar idan hunturu ya shigo, su kwance ta da ruwan farko, su zuba buta ɗaya a ranar su ga ta fita. Wanda yake son barin ta duk shekara, to ya ɗaure ta da roba yadda zai iya cirewa ya wanke duk mako biyu tare da rariyar.

AbuMaradi

Na gajarta nawa tiyon kamar yadda Magini_Funtua ya ce, jarkar ta cika har ta zube jiya da dare, ɗakin kuma bai ɗiga ba. Ummu_Khalil_Abuja, idan mai gyaran ya ɗaga na'urar, don Allah ki dawo ki gaya mana wanne ne daga cikin ukun, domin ɗakin mahaifiyata ma bayan esin ne yake jiƙa, kuma nata bututun a waje suke.